Muhawara: Lissafin Dittus-Boelter ilimi ne ko shaci-faɗi?

Sabi'u, Jidda: Jama'a, raina ya ɓaci. An dawo min da lissafin na'urar sanyaya mai, wai h ɗina, wato ma'aunin saurin wucewar zafi tsakanin mai da bangon bututu, ya yi yawa, alhali lissafin Dittus-Boelter, `Nu = 0.023 Re^0.8 Pr^0.3`, na bi. Ashe waɗannan lambobin duk shaci-faɗi ne!

Injiniya Habibu, Jubail: Ƙanena, janye kalmar shaci-faɗi. Jera abubuwan da ke cikin maganar: h, faɗin bututu D, gudun ruwa V, sai nauyin ruwan a kowane awo ρ, kaurinsa μ, saurin ratsawar zafi cikinsa k da yawan zafin da ake bukata don ɗumama shi cp. Bakwai ke nan. Ma'aunai na asali huɗu ne: nauyi, tsawo, lokaci da zafi. Ka'idar Buckingham ta ce a cire huɗu daga bakwai, saura rukuni uku marasa ma'auni. Ka riƙe D, V, μ da k, ka riƙa haɗa su da sauran ɗaya bayan ɗaya har ma'aunan su soke juna. Da h za ka samu lambar Nusselt, `Nu = hD/k`, da ρ ka samu lambar Reynolds, `Re = ρVD/μ`. Da cp kuwa D da V suna faɗuwa da kansu, a bar ka da lambar Prandtl, `Pr = cpμ/k`, shi ya sa Pr halin ruwan ne kawai, ba ruwansa da bututu. Ina shaci-faɗi a nan?

Malam Tukur, Yanbu: Ranka ya daɗe, yaron bai yi ƙarya duka ba. Iyakar abin da Buckingham ya ba ka shi ne `Nu = f(Re, Pr)`. Bai faɗi kamannin f ba. Mutane ne suka auna a ɗakin gwaji, suka zana log Nu a kan log Re, suka ga ɗigogin sun kusa miƙewa, sai suka ja layi. Gangaren layin ne 0.8. Tun da ɗigogin ba su hau layi daidai ba, kuskuren kashi 25 cikin 100 ba abin mamaki ba ne.

Injiniya Habibu: To awo ne shaci-faɗi, Malam? Ribar rukunin ita ce gwajin iska da na ruwa su hau zane guda, maimakon a yi ta juya abubuwa shida ɗaya-ɗaya.

Auwalu, Makka: Mu dai a Jami'ar Khartoum 0.4 aka koya mana a kan Pr. Wannan 0.3 na 'yan jami'ar Zahran ne.

Hajiya Rabi, Riyad: Auwalu, ba maganar makaranta ba ce. Idan bango ne ke ɗumama ruwan, 0.4, idan sanyaya shi yake yi, 0.3. Ga misali: ruwa mai digiri 30 a bututun milimita 25, yana gudun mita 1 a daƙiƙa, ana ɗumama shi. Da ρ = 996, μ = 0.0008 da k = 0.615, Re ya kai wajen 31,000, Pr kuma 5.4. Nu zai fito kusan 178, wato h wajen 4,400 W/m²K. Ka ninka gudun, h ba zai ninka ba, sau 1.74 zai ƙaru, famfo kuwa ya sha wahala, don faɗuwar matsi za ta haura sau uku.

Auwalu: Ko sunan ma ai aro ne. Takardar Dittus da Boelter ta 1930 ba 0.023 ke cikinta ba, daga littafin McAdams ya zo. Malamanmu sun san wannan, naku fa?

Injiniya Habibu: Kai kullum sai ka sako Khartoum.

Malam Tukur: Ku bari. Sabi'u, nawa ne Re ɗinka?

Sabi'u: Ban duba ba, Malam. D milimita 20, V mita 1, ρ = 870, μ = 0.03, k = 0.14, cp = 2,000.

Hajiya Rabi: Ai ga matsalar! Re ɗinka 580 ne, Pr kusan 430. Lissafin nan yana son Re sama da 10,000, Pr kuma kada ya wuce 160. Manka a natse yake tafiya, ba ya hautsinewa.

Auwalu: Shi ke nan, ya sa Nu = 3.66 ya huta.

Hajiya Rabi: A'a. Wannan sai zafin ya gama daidaita a cikin bututun, kuma tsawon da ake bukata kusan `0.05 Re Pr D` ne, a nan wajen mita 250. Wace na'ura ce ke da bututu haka? Dole tsawon bututu L ya shiga jerin, abubuwa su zama takwas, rukuni huɗu. Ga kuma mai yana yin kauri a jikin bango mai sanyi, abin da Sieder da Tate suka gyara a 1936 da `(μ/μw)^0.14`, inda μw shi ne kaurin man a jikin bango.

Malam Tukur: Kun ji ko? Abin da ba ka sa a jerin ba, Buckingham ba zai tuna maka da shi ba. Zaɓen jerin ma ai hasashe ne.

Injiniya Habibu: Hasashen masani daban, shaci-faɗi daban.

Malam Tukur: A Hausar Jubail ke nan.

Taƙaitawar shugaban zaure, Injiniya Habibu: An tabbatar cewa kalmar shaci-faɗi kuskure ce, kamar yadda na faɗa tun farko. Malam Tukur ya ɗan yi ja, amma bai kawo hujjar da ta rusa rukunan uku ba. Sabi'u ya sake lissafi, ya turo wa Hajiya tsawon bututunsa. Batun Khartoum da Zahran an rufe shi.