Kyanwata ta daina cin abinci amma tana ta gurnani, in kai ta asibiti ko in jira?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Masu kiwon kyanwa don Allah ku ba ni shawara. Tawa mace ce, shekararta biyu. Ta ɓace ranar Lahadi, ta dawo Talata da asuba, tana cin abincinta lafiya lau har Laraba. Tun jiya ta shige ƙarƙashin gado, ko kifin gwangwani na kai mata ba ta ko shinshinawa. Amma gurnanin nan da take yi in ana shafa ta, yanzu shi take yi ba tsayawa, ko ba wanda ya taɓa ta. Maigidan ya ce kyanwar da ke gurnani lafiyarta ƙalau. Gobe da sassafe za mu tafi biki Katsina, sai Litinin za mu dawo. In ɗauki adaidaita yau in kai ta asibitin dabbobi, ko in bar mata abinci da ruwa mu tafi?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Gurnani ai jin daɗi ne Hajiya. Tawa da zarar ta hau cinyata take farawa. Ki canza mata abinci, wataƙila kifin ne ya gundure ta.

Hajiya Yaya: 'Yata ki kwantar da hankalinki. Mu iyayenmu cewa suke wuridi take yi. Tun ina amarya ba a rasa mage a gidana, ban taɓa kai ko ɗaya asibiti ba. In ta gama kwanciyarta za ta fito da kanta.

Abba Injiniya: Ni abin da na karanta, girgizar gurnanin tana tsakanin sau 25 zuwa 150 a daƙiƙa ɗaya, kuma irin wannan girgiza tana haɗa ƙashi da warkar da rauni. Ke nan maganin kanta take yi. Ki ƙyale ta.

Dakta Zainab: Maman Ilham, kada ki tafi ki bar ta. Ki kai ta yau.

Kyanwa tana fara gurnani tun tana da 'yan kwanaki a duniya, idonta ma bai buɗe ba. Tana shan nono tana yi, uwar ma tana yi, ta haka suke jin juna. A maƙogwaro sautin yake fitowa, iska tana ratsawa naman wurin yana karkarwa, shi ya sa ba ya yankewa ko tana shaƙar numfashi ko tana fitarwa. Wannan abin da ta saba tun tana jaririya shi take komawa gare shi duk lokacin da take neman natsuwa. Za ta yi a cinyarki don daɗi, za ta yi tana naƙuda, za ta yi a kan teburinmu jikinta na rawa don tsoro. Na ga wadda mota ta karya wa ƙugu aka kawo ta tana yi. Wani lokaci sai mun buɗe famfo kusa da ita kafin ta yi shiru mu samu jin bugun zuciyarta.

Don haka ki bar sauraren sautin, ki dubi jikin. Mai jin daɗi tana miƙe ƙafafu ko ta kwanta a gefe, ido a lumshe, tana tattaka ki da ƙafafun gaba, in kika tashi ta biyo ki. Mai ciwo tana duƙunƙunewa, kai a sunkuye, kunnuwa sun kwanta gefe, gashi a hargitse saboda ta daina lashe jikinta, ga ɓuya ga ƙin abinci. Taki ta haɗa ɓuya da ƙin abinci, kuma ta kwana biyu a waje. Abu na farko da nake zargi cizo ne na wata kyanwar. Haƙorin yana huda fata ramin ya rufe, bayan kwana biyu zuwa huɗu ƙurji ya taru a ciki, zazzaɓi ya kama ta. Ki shafa ta a hankali a kumatu, wuya, ƙafafu da gindin wutsiya, ki ji ko akwai kumburi mai zafi. Ki ɗaga leɓenta ki ga dasashi, ya kamata ya zama ja-ja mai haske.

Abba, adadin da ka kawo haka yake, amma zancen haɗa ƙashi har yanzu hasashe ne na masu bincike. Ko da a ce gaskiya ne, gurnani ba ya fitar da mugunya.

Malam Sani Tela: Ni wannan magana ta tayar min da tsohon miki. Muzuruna ne, a shagona ya girma, ɓera ko ɗaya bai taɓa min yadin mutane ba. Wata rana na ga yana zuwa wajen yashi yana tsugunawa, ya daɗe, ya tashi ba komai, ya dawo ya kwanta kan tsummoki yana gurnani. Na sa shi a kwali na kai shagon da ake sayar da maganin kaji. Mai shagon ko taɓa cikinsa bai yi ba. Ya kara kunne ya ce, ai ga shi nan yana gurnani, tsutsar ciki ce. Ya yi masa allura, ya ba ni maganin tsutsa, ya karɓi kuɗinsa. Washegari ya fara amai, na koma, ya ce maganin ne ke aiki. Rana ta uku da na samu likita na gaske, yana dafa mararsa ya ce mafitsara ta cika ta yi tauri, hanyar fitsari ce ta toshe, gubar ta riga ta shiga jini. A hannuna ya mutu, kuma wallahi har kusan ƙarshe gurnanin yake yi. Mutumin nan har yau yana nan yana yi wa dabbobin mutane allura, in na wuce ya ɗaga min hannu.

Ummi Zariya: Allah sarki Malam Sani. Allah ya mayar maka da alheri.

Ɗan Kwari: To Maman Ilham ki duba fitsarin naki muzurun.

Maman Ilham: Mace ce fa, na faɗa tun farko. Dakta na gode, bari in gwada jawo ta.

Dakta Zainab: Toshewar fitsari ta fi kama muzuru saboda hanyarsa siririya ce, da wuya a gan ta a mace. Amma duk mai muzuru ya riƙe labarin Malam Sani: yana tsugunawa ba fitsari, ranar za a kai shi, ba gobe ba.

Malam Sani Tela: Da na samu mai faɗa min haka a lokacin. Kuma ba ni kaɗai ba ne, maƙwabcina ma tunkiyarsa a hannun mutumin nan ta mutu.

Baban Khalifa: Ku dai ku faɗa mata kuɗin tukuna. Ni da na kai tawa asibitin gwamnati, dubu biyu na yanki kati, allura da magani dubu huɗu.

Ummi Zariya: Wace shekarar ke nan? Watan jiya na kai tawa wani mai zaman kansa, dubu goma sha biyar kafin ma a taɓa ta. Da aka tsaga ƙurjin aka wanke, sai da na biya kusan dubu arba'in. Yayata kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello take kai nata, ta ce ba ya kai haka.

Issoufou Maraɗi: Nan wajenmu jika biyar na ba da, har gida ya zo ya duba ta. Amma likitan shanu ne, shi da kansa ya ce bai cika taɓa mussa ba.

Sarkin Zolaya: Dubu arba'in a kan mage! Ni ma tun safe nake gurnani ban karya ba, ba wanda ya ce a kai ni asibiti.

Hajiya Yaya: Abin da nake faɗa ke nan. Ki jiƙa mata rabin farasitamol a ruwa in zazzaɓi ne, ki tafi bikinki.

Dakta Zainab: Hajiya don girman Allah a'a. Farasitamol guba ce ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Rabin ƙwayar nan ya isa ya kashe ta. Fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Kada a ba ta kowane maganin ciwon jiki na mutane.

Hajiya Yaya: To 'yar nan, ni na haifi kamarki. Ku kullum asibiti, ai da shi kuke ci.

Abba Injiniya: Hajiya a nan kam Dakta ta fi mu gaskiya. Amma Dakta, ba a iya bambancewa daga sautin kansa? Na ga binciken Karen McComb a Jami'ar Sussex a 2009, sun gano gurnanin neman abinci yana ɗauke da wata siririyar ƙara a ciki mai kama da kukan jariri.

Dakta Zainab: Hajiya ki yi haƙuri, ba raini ba ne, kuma ni ko garinsu ba na zaune balle kuɗin ya zo aljihuna. Abba, haka ne, wannan shi ne wanda take tashinka da shi da asuba tana zagaya ƙafarka. Mai yin sa tana tsaye a bakin kwano. Na ciwo kuwa, ni dai kunnena bai taɓa raba min shi da na daɗi ba, sai na dubi dabbar.

Malam Sani Tela: Wanda bai taɓa binne tasa ba shi ke cewa a jira.

Maman Ilham: Na jawo ta da ƙyar. Da na taɓa gindin wutsiyar ta yi ƙara ta kai min yakushi, kuma wajen ya ɗan tasa, da zafi. Dasashin ba fari ba ne, amma kamar ya ɗan koɗe. Numfashinta na ƙirga 44 a minti ɗaya. Maigidan ya ce in ƙurji ne ai zai fashe da kansa.

Dakta Zainab: Ƙirgen numfashi tana gurnani ba ya ba da gaskiya, yana ƙaruwa. Sai tana barci ake yi, kuma bai kamata ya wuce 30 ba. In kika ga ta buɗe baki tana haki, wannan ba jira ko na awa ɗaya. Ƙurji yakan fashe da kansa, amma kyanwa ba ta jure yunwa. Yau kwana biyu, in kika ƙara uku hantarta na iya taɓuwa. Dasashin da ya koɗe kuma ya sa ni tambaya: ana sa maganin ɓera a layinku? Akwai irin da ke hana jini daskarewa, ba ya nuna alama sai bayan kwana uku zuwa biyar. Ki faɗa wa likitan ta kwana biyu a waje.

Baban Khalifa: Yauwa, an zo wajen. Maƙwabcinmu ya barbaɗa shi a kan kifi ya ajiye a bayan katanga, kaji huɗu da kyanwar yarana suka tafi. Da na yi magana ya ce in ɗaure dabbobina.

Ɗan Kwari: To ya zai yi? Buhun shinkafa nawa ne yanzu da za a bar wa ɓera? Ku ma masu mage ku riƙa tsare su, tawa ba ta fita.

Baban Khalifa: Ya sa a cikin ɗakin ajiyarsa mana. Bayan katanga yara ke wasa. Sai ɗan wani ya ɗauka ya kai baki sannan za a ce tsautsayi.

Maman Ilham: Ana sawa kam, gida biyu a layinmu. Ina jiran maigidan ya dawo daga masallaci mu yi magana. Wa ya san ko asibitin gwamnati suna kaiwa yamma ranar Juma'a?

Ummi Zariya: Mu har wajen mai unguwa muka kai ƙarar masu zuba maganin nan a lungu. Ya ce zai tara mutane bayan sallar Juma'a, wata na uku ke nan.