Sautin da ya fashe wajen ɗauka: yana gyaruwa ko ba ya gyaruwa?

Mai ɗaukar taro: Assalamu alaikum. Na ɗauki laccar wani dattijon malami da rikoda, fayil ɗin WAV ne, amma Gain, wato ƙarfin da rikoda take karɓar sauti da shi, ya yi yawa, duk inda malamin ya ɗaga murya sai sautin ya fashe yana ƙarar-ƙarar. Maigidana ya ce sautin da ya fashe wajen ɗauka ba ya gyaruwa har abada, sai dai a sake ɗauka, malamin kuwa ba zai sake ba. Shin gaskiya ne?

Tsohon injiniyan rediyo: Wa alaikumus salam. Maigidanka ya faɗa maka gaskiya, ɗana. Rikoda tana da iyakar da ba ta iya ƙetarewa, wato 0 dB a ma'auninta, kuma duk abin da ya zarce wannan iyaka ba a rubuta shi a ko'ina ba. Idan muryar malam ta kai wani tsayi sama da iyakar, rikoda lamba ɗaya tak take ta maimaitawa har muryar ta sauko, shi ya sa za ka ga kan igiyar sautin a shafe kamar an sa masa reza. Abin da ba a rubuta ba kuwa, babu manhajar da za ta dawo da shi, kuma duk wanda ya ce maka ya dawo da shi, ƙirƙira ya yi.

Mai bidiyon biki: Ni a wurina abin bai kai haka wahala ba. Ka rage ƙarfin sautin da Amplify, ka bi shi da Noise Reduction, sannan ka danne sama-saman, wato siririn amon, da EQ, abin da ake ƙara ko rage wani sashen amo da shi. Haka nake yi wa kiɗan biki, kuma masu aiki ba su taɓa dawo mini da shi ba.

Edita mai situdiyo: Malam mai bidiyo, da wannan shawara za a iya lalata ɗan abin da ya rage. Rage ƙarfi ba ya taɓa fashewar, domin kan igiyar yana nan a shafe, ƙasa kawai aka yi da shi. Noise Reduction kuma an yi shi ne don ƙarar da ke nan daram ba ta canzawa, irin ta fanka ko janareta, ita kuwa ƙarar fashewa daga jikin muryar take fitowa, tana zuwa tare da ita tana tafiya tare da ita. EQ yana rage kaifin da ke damun kunne, na yarda, amma yana tafiya da hasken muryar, saboda yankewar tana haifar da ƙarin amo a daidai wuraren da muryar kanta take da amo.

Baba injiniya, da girmamawa, rabin maganarka na karɓa. Gaskiya ne cewa abin da ya ɓata ba ya dawowa, amma ba daidai ba ne a ce ba ya gyaruwa. Igiyar murya ba ta tsalle yadda ta ga dama, hawa take yi da sauka bisa tsari, kuma manhaja tana duba yadda ta taso kafin wurin da aka yanke da yadda ta gangara bayansa, sai ta zana ƙololuwar da ta fi dacewa da ɓangarorin biyu. Kamar tsohuwar takarda ce da gara ta ci: idan harafi ɗaya ta cinye, mai karatu zai cike shi ba tare da kuskure ba, idan kuwa layi guda ta cinye, sai dai ya yi kirdado. Don haka abin da ya kamata a fara aunawa shi ne tsawon wurin da ya shafe.

Ɗan'uwa mai tambaya, ka yi kwafin fayil ɗin ka ajiye na asali, ka buɗe kwafin a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka kunna Show Clipping in Waveform a ƙarƙashin View. Jajayen layuka za su nuna maka wuraren da sauti ya taɓa iyaka. Ka faɗaɗa ɗaya daga cikinsu har ɗigogin da suka haɗu suka zama igiyar sautin su bayyana ɗaya bayan ɗaya, ka ƙirga nawa ne suka jeru a layi ɗaya a sama, ka dawo mana da adadin.

Mai ɗaukar taro: Na duba, Hajiya. Fayil ɗin 48000 Hz ne. A yawancin wuraren ɗigo goma zuwa ashirin ne a jere, kuma jan layin yana fitowa ne kawai inda malam ya jaddada magana. Amma akwai wurare uku da jama'a suka yi kabbara, nan kam ja ne gaba ɗaya, wasu ɗigogin sun haura ɗari a jere.

Edita mai situdiyo: To, matsala biyu ke gare ka, kuma ba magani ɗaya za a yi musu ba. A 48000 Hz rikoda tana rubuta ɗigo 48000 a kowace daƙiƙa. Muryar namiji babba tana kaɗawa wajen sau 120 a daƙiƙa, wato kowane zagaye ɗaya na igiyar yana da ɗigo kamar 400, rabi a sama rabi a ƙasa. Idan ɗigo 15 suka shafe a cikin 200 na sama, kusan dukkan siffar tana nan, kuma zanen da manhaja za ta yi zai yi kusa da gaskiya ƙwarai. Idan kuwa 120 suka shafe a cikin 200, abin da ya tafi ya fi abin da ya rage, ga shi kuma muryoyin mutane da yawa ne a cakuɗe, babu tsari ɗaya da za a bi.

A wuraren muryar malam, ka zaɓi yankin da ya fashe, ka buɗe Clip Fix a ƙarƙashin Effect. Saiti biyu ne a ciki. Threshold of Clipping yana zuwa a 95, ma'ana duk ɗigon da ya kai kashi 95 cikin ɗari na mafi tsayi za a ɗauke shi a matsayin yankakke a sake zana shi. Na biyun, Reduce amplitude to allow for restored peaks, yana zuwa a -9 dB, kuma kada ka mai da shi sifili, domin ƙololuwar da za a dawo da ita tana bukatar sarari a sama, in ba haka ba, za ta sake yankewa lokacin fitar da fayil. Ka fara gwaji da daƙiƙa goma. Idan an dace, za ka ga kawunan sun zama masu lanƙwasa kuma tsayinsu ya bambanta. Idan ka ga tsinaye dogaye sun fito kana jin ƙas-ƙas, wurin ya fi ƙarfin manhajar. Idan gefen wurin da ya shafe bai gyaru ba, ka sauko da Threshold zuwa 90, amma kada ka yi ta saukarwa, don zai fara taɓa lafiyayyun ƙololuwa. Ka lura kuma cewa yankin da ka gyara zai yi ƙasa da sauran da 9 dB, don haka sai ka rage sauran daidai da haka, ko ka bi dukkan fayil ɗin a lokaci ɗaya idan gwajin ya yi kyau. Wannan aiki shi ne na farko, kafin EQ da cire ƙara da komai, domin kowane ɗayansu yana karkatar da wannan shafaffen kai, manhaja kuma da shi take gane inda ɓarnar take.

Tsohon injiniyan rediyo: Na ji bayaninki, 'yata, kuma lissafin ɗigogin daidai ne. Inda nake jan hankali shi ne kunne yana yaudara. Da zarar an rage 9 dB, komai zai yi kamar ya yi taushi, mutum ya ɗauka an gyara alhali an rage ne kawai. Sai ya daidaita ƙarfin na asali da gyararren, ya saurare su ɗaya bayan ɗaya da abin kunne, sannan ya yanke hukunci. Kuma ina nan a kan bakana cewa abin da aka zana ba muryar malam ba ce, shi ya sa idan laccar ta ajiya ce, na asalin shi ne abin riƙewa.

Ɗalibar aikin jarida: Ni ma irin wannan ta same ni a wata hira da abokin aikina ya ɗauka da waya ya turo mini ta WhatsApp. Muryar a fashe take, amma babu jan layi ko ɗaya, kuma Clip Fix bai canza komai ba. Ashe ke nan maganar Baba ce ta tabbata?

Edita mai situdiyo: Naki daban ne, ƙanwata. Saƙon murya na WhatsApp matse shi ake yi, haka ma MP3, kuma matsewar tana jefar da wani ɓangare na sautin ta sake gina igiyar, sai shafaffen kan ya zama mai gargada, ƙarar fashewar kuma ta zauna a ciki. Ki nemi abokin aikinki ya turo miki fayil ɗin da ke cikin wayar a matsayin Document, ko da yake waya da kanta takan matse sauti tun wajen ɗauka. Rashin jan layi ma ba shaida ba ce cewa babu yankewa. Idan fashewar ta faru tun a miksa ko a makirufo, ko wani ya rage ƙarfin fayil ɗin daga baya, kan zai shafe a ƙasa da iyaka, misali a -4 dB, kuma da ido kawai za ki gane shi. A irin wannan De-clip na manhajar iZotope RX ya fi sauƙin aiki, domin yana nuna jadawalin inda ɗigogi suka taru, ki ja layin iyaka zuwa wurin da kanki.

Mai bidiyon biki: Duk wannan wahala ta ƙare ga wanda ya sayi rikoda mai 32-bit float, irin Zoom F3. An ce ita ba ta fashewa ko kaɗan.

Tsohon injiniyan rediyo: Fayil ɗin ne ba ya yankewa a 0 dB, kana iya rage shi daga baya ƙololuwar ta dawo cikakkiya. Amma idan sautin ya fi ƙarfin makirufo, ko ya fito daga miksa a fashe, haka za ta rubuta shi a fashe. Mai rikoda ta yau da kullum kuwa, ya ɗauka a 24-bit, ya sa mai magana ya ɗaga murya wajen gwaji, ya saita Gain yadda mafi ƙarfin sautin zai tsaya wajen -12 dB, wannan sarari ya isa ya ɗauki yawancin abin da zai zo ba zato.

Mai ɗaukar taro: Na gwada a 95 da -9 dB, na kuma daidaita ƙarfin biyun kamar yadda Baba ya ce. A muryar malam ƙarar ta tafi kusan gaba ɗaya, sai ɗan kaushi a kan wasu kalmomi masu ƙarfi. A wajen kabbara kuwa abin ya ƙara muni, tsinaye suka fito, don haka na mayar da wuraren yadda suke. Yanzu me zan yi da su?

Edita mai situdiyo: Ni zan rage ƙarfinsu sosai da Envelope Tool, in ɗan danne sama-samansu da EQ a waɗannan daƙiƙoƙin kaɗai, tunda babu kalmar da ake bukatar a ji dalla-dalla. Bayan haka ka bi dukkan fayil ɗin da Limiter mai sauƙi don ya danne ƙololuwar da aka dawo da su, sannan ka ɗaga ƙarfin fayil ɗin da Normalize zuwa -1 dB.

Tsohon injiniyan rediyo: Rage ƙarfin na amince da shi, EQ ɗin ne ban amince ba, domin mai sauraro zai ji ɗakin ya canza ya sake dawowa sau uku. Ɗana, ka yi guda biyu, ɗaya da EQ ɗaya babu, ka turo mana daƙiƙa ashirin na kowanne a WAV mu saurara.