Neman kalma: me za mu kira AMPK, kuma berberin kunna shi yake yi?

Tafinta: Assalamu alaikum. Ina rubuta bayani kan berberin, sinadarin nan rawaya mai ɗaci da ake samu a saiwa da ɓawon wasu tsirrai, wanda mutane ke sha don saukar da sukarin jini. Akwai wani furotin a cikin ƙwayoyin jiki mai suna AMPK, masana na kiransa sensar kuzarin ƙwayar halitta. Ni na sa "makunnin kuzari", na ce berberin na kunna shi. Malamai, hakan ya yi?

Ɗalibar likitanci: Wa alaikumus salam. Ni dai ya yi mini. Ai berberin zuwa yake ya manne wa AMPK, shi kuma ya buɗe wa sukari ƙofar tsoka.

Malamin kimiyya: 'Yata, ƙarshen maganarki daidai ne, farkonta ne da gyara. Aikin berberin ba manne wa AMPK ba ne. Mitokondiriya yake shiga, inda ake ƙera ATP, sinadarin da ke ɗauke da kuzarin ƙwayar, ya rage wa matakin farko na sarƙar numfashin ƙwayar ƙarfi. ATP na ɗauke da fosfet uku. Idan aka cire ɗaya ya zama ADP. In ADP ya taru, ƙwayar kan haɗa guda biyu ta fitar da ATP ɗaya da AMP ɗaya, mai fosfet ɗaya tak. AMP kuwa ɗan kaɗan ne a ƙwaya mai lafiya, don haka ATP na ɗan sauka sai AMP ya yi sama sosai.

AMPK sassa uku gare shi, alfa, beta da gama. A gama ne AMP da ATP ke rububin mazauni. Idan AMP ya zauna, sai a liƙa fosfet a gurbin Thr172 na alfa, kuma ɓamɓare shi ya yi wuya. A nan aiki ke farawa: GLUT4, furotin mai jigilar sukari, ya fito fatar ƙwayar tsoka ya shigo da sukari ba tare da jiran insulin ba, hanta kuma ta rage ƙera sabon sukari da kitse.

Shi ya sa "makunni" bai kwanta mini ba. Makunni ko dai a kunne ko a kashe, wannan kuwa gwada AMP yake da ATP, kamar sikeli mai faranti biyu. Na fi son "ma'aunin kuzari".

Tafinta: Allah ya ƙara basira, Malam. Amma ta yaya aka gane ba taɓa shi yake ba?

Malamin kimiyya: A 2008 aka nuna yana rage numfashin mitokondiriya. A 2010 kuma aka gwada shi a ƙwayoyin da aka sauya musu gama yadda ba ya jin AMP, sai berberin ya kasa tayar da AMPK ɗinsu, alhali maganin da ke manne masa kai tsaye ya tayar. Alamar da ake gani a ɗakin gwaji ita ce ƙwayar ta rage shan iskar oksijin, laktet ya ƙaru.

Baba mai ciwon suga: Ku yi haƙuri na shigo, ni Hausar ba ita ce damuwata ba. Ina shan metfomin, cikina na ɓaci. In ajiye shi in koma wannan tunda daga itace yake?

Mai harhaɗa magani: Don Allah Baba kada ka ajiye sai ka ga likitanka. Shi ma berberin yana kawo zawo, kumburin ciki ko taurin bayan gida. A gwajin 2008 da aka yi a ƙasar Sin, mutum 36 ne kawai aka raba tsakaninsa da metfomin, miligiram 500 sau uku a rana, wata uku. HbA1c, wato awon matsakaicin sukarin jini na 'yan watannin baya, ya sauko daga 9.5 zuwa 7.5 a masu shan berberin. Sakamako ne mai kyau, amma mutanen kaɗan ne, lokacin gajere. Yana kuma rage aikin CYP3A4, sinadarin da ke narkar da magunguna a hanta, sai wasu magunguna irin su sayikulosforin su taru a jini. Ba a ba mai ciki ko jariri.

Batun kalma kuma, na yarda da ma'auni rabi da rabi. Ma'auni awo kawai yake yi, AMPK kuwa yana ba da umarni. Me ya hana "mai lura da kuzari"?

Ɗalibar likitanci: Na gode da gyara, Malam. To amma na karanta cewa a ɓeraye ƙasa da kashi 1 cikin 100 na abin da aka haɗiya ke kaiwa jini. Yaya zai isa tsoka?

Malamin kimiyya: Nan ne gardamar take. Ya fi taruwa a hanji da hanta, don haka labarin GLUT4 ya fi ƙarfi a ƙwayoyin ɗakin gwaji. An ma toshe AMPK a wasu ƙwayoyi, shan sukarinsu bai daina ƙaruwa ba, domin ƙwayar da numfashinta ya ragu dole ta ƙona sukari da yawa. Tafinta, kada ka rubuta cewa AMPK ne kaɗai sanadi.

Tafinta: Na cire "kunna". Zan rubuta: berberin na rage ATP, AMP ya ƙaru, hakan ya tayar da ma'aunin kuzari. Mai harhaɗa magani, "mai lura" ya yi mini tsawo a jimla, amma in akwai gajeriyar kalma da ta haɗa awo da umarni, a kawo.