Jawabin maraba ga sababbin ɗalibai: me ya kamata ya shiga ciki?

Ɗalibar shekara ta uku: Assalamu alaikum ƴan uwa. An ɗora mini yin jawabin maraba ga sababbin ɗaliban sashenmu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma minti goma kacal aka ba ni. Ina so su fita daga zauren da abin da zai amfane su tun makon farko, don haka ina neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Tsohon delege: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki taƙaita gaisuwa, domin malamai za su yi ta kafin ki tashi, ki ba lissafin keredi, wato ma'aunin nauyin kowane darasi, rabin lokacinki. Yaron da ya ci bak bana ya saba da a tara masa makin shekara a faɗa masa ko ya wuce, bai san cewa lisansi shekara 3 ce, zango 6, kowane zango keredi 30, jimilla 180 ba, kuma keredin darasi yana zuwa ne idan makin ya kai 10 bisa 20. Kada ki tsaya a nan, ki rubuta musu misali a allo. A ce darasi ne da gwajin cikin zango yake ɗaukar kashi 40, jarrabawar ƙarshe kashi 60. Wanda ya samu 12 a gwaji ya riga ya ajiye 4.8, saboda haka 9 a jarrabawa ta kai shi 10.2, ya tsira. Wanda ya tafi biki Tasawa ranar gwajin aka sa masa sifiri, ko 16 ya ci a jarrabawa 9.6 zai tashi da shi, sai ya kai 17 kafin ya samu abin da ɗan uwansa ya samu da 9. Ki tambayi shugaban sashenku ainihin rabon da ake yi a wurinku tukuna, don kada ki faɗi adadin da ba shi ne ba.

Ɗalibin aikin gona: Yaya, lissafinka daidai ne, amma ina tsoron a firgita yara tun ranar farko. Ai akwai jarrabawar gyara, duk wanda ya faɗi yana sake zama ya wanke makinsa, sannan darasi mai ƙarfi yana ɗaga mai rauni.

Tsohon delege: Akwai ta, sai dai jarrabawar gyara ba ta mayar wa mutum aikin ɗakin gwaji da bai halarta ba, kuma ɗagawar da kake magana tana da sharuɗɗan da ke rubuce a dokar kowace tsangaya. Abin da za a gaya musu shi ne su nemi dokar su karanta, kada su dogara da abin da suka ji a bakin mai shayi.

Wata uwa daga Dakoro: Ƴata, ni tawa yarinyar ce za ta shigo bana, kuma har yanzu ba mu san inda za ta kwana ba. Shin a wajen taron naku ake rabon ɗakuna, in sa ta zo da katifarta?

Ɗalibar shekara ta uku: Inna, ba a raba ɗaki a wurin taron. Maganar kwana da abinci tana hannun CROU, wato cibiyar kula da jin daɗin ɗaliban jami'a, can za ta kai takardunta. Amma tambayarki ta nuna mini cewa dole in bambanta musu ofisoshi: rajista a ofishin karatu na tsangaya, ɗaki da tikitin abinci a CROU, kuɗin tallafi kuma ANAB, hukumar tallafin karatu ta ƙasa, ke kula da shi.

Ɗalibar likitanci: Ki ƙara da cewa kowa ya riƙe asalin takardar haihuwa da ta sakamakon bak a cikin leda, ya miƙa kwafin da aka buga wa hatimi, ya ɗauki hoton kowane rasit da wayarsa, ya kuma duba yadda aka rubuta sunansa a jerin farko da za a liƙa, domin harafi ɗaya da ya kauce yana iya raba mutum da makinsa. Game da tallafi, kada ki ambaci rana ko wata, ki ce kowa ya zo da guzurin da zai riƙe shi. Gidan sauro ma ya cancanci jimla ɗaya, tun da zazzaɓi yana kayar da mutane sosai a ƙarshen damina.

Ɗalibin aikin gona: Saura harshe. Ni ina ganin ta yi shi da Hausa, saƙon zai fi shiga.

Ɗalibar likitanci: Ban yarda gaba ɗaya ba, domin akwai ƴan Dosso da Diffa da Agadas waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba, kuma maraba ta kowa ce.

Ɗalibar shekara ta uku: Na gode muku. Zan rubuta misalin makin a allo da lambobi, kowa zai gane shi. Maganar harshe kuwa zan kai wa shugaban sashe gobe in ji abin da ya fi so.