Yanke tambarin kusurwa: fiksel nawa suka rage, kuma za su kai a wanke hoton?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da hotunan iyali da aka ɗauka da waya, kowanne da sunan wayar da kwanan wata a kusurwar ƙasa ta hagu. Ina so in wanke wasu girman 8×10, guda ɗaya kuma A3 a sa a firam. Idan na yanke ƙasan don tambarin ya fita, abin da ya rage zai isa, ko hoton fashewa zai yi? Duk wanda ya taɓa yi ya ba mu labarin yadda ta kaya masa.

Malam Idi:
Wa'alaikumus salam. Wankin hoto sana'ata ce, kuma irin wannan aikin kusan kullum sai ya zo min. Kafin a ce komai, Alhaji, buɗe hoton a waya ka shiga `Details`, ko a kwamfuta ka danna dama ka zaɓi `Properties` sannan `Details`. Za ka ga lambobi biyu, faɗi da tsawo a fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoton. Su nake so ka turo, tare da yadda hoton yake, a kwance ko a tsaye.

Abban Khadija:
Na duba, Malam. 4000 × 3000 ne, a kwance. Na gwada yankewa a kwafi, ya koma 4000 × 2750.

Malam Idi:
To ka huta, ba ka yi asarar kirki ba. Lissafin raba lamba ne kawai: fiksel ɗin kowane gefe a raba da incin da gefen zai zama a takarda. Abin da ake nema a hoton da za a riƙe a hannu shi ne wajen fiksel 300 a kowane inci. A 8×10 a kwance, gajeren gefe inci 8 ne, 2750 a raba da 8 ya ba da 343. Ka wuce abin da ake buƙata. A3 kuwa gajeren gefenta santimita 29.7 ne, wato inci 11.7, sai lissafin ya sauko 235. Ga hoton da za a rataye a bango a riƙa kallo daga nesan taku biyu ko uku, 235 ba wanda zai ce uffan.

Inda nake so ka lura ba nan ba ne. Siffar hotonka ta canza. Takardar 8×10 tana son gefe biyar a kan huɗu, don haka idan tsawo ya zama 2750, faɗin da zai shiga takarda wajen 3440 ne kawai. Kenan fiksel 560 za su tafi daga dama da hagu. Ko ba ka yanke tambarin ba za a rasa 250 daga dama da hagu a haɗe, amma yanzu asarar ta ninka har da ƙari. Idan hoton taro ne kuma akwai mutum a can ƙarshen layi, kafaɗarsa ko rabin fuskarsa ce za ta biya kuɗin tambarin. Mutanen da suka dawo min da ƙorafi a kan wannan sun fi waɗanda suka dawo don hoto ya fashe yawa.

Sadiq:
Ni kam ban taɓa wannan dogon lissafin ba. Idan na yanke, sai in shiga `Image Size` a manhajar gyaran hoto in mayar da 72 ɗin da yake nunawa ya zama 300, shi kenan. Duk hoton da ya nuna 72 ai ba ya wankuwa.

Malam Idi:
Ƙanena, 300 ɗin da ka ji gaskiya ne, amma ba ta nan ake samun sa ba. Wannan lambar rubutu ce kawai a jikin fayil da ke cewa a shimfiɗa fiksel nawa a inci ɗaya. Cire alamar `Resample` ka canza 72 zuwa 300 ka gani: yawan fiksel ba zai motsa ba, incin ne zai ragu, kuma incin da ya nuna maka shi ne girman da hoton zai iya kaiwa a 300. Idan ka bar `Resample` a kunne, manhajar za ta ƙirƙiro fiksel ta cike tsakani, fayil ya yi nauyi, amma gashin girar da ba a ɗauko ba ba zai dawo ba. Hoton Alhaji ko 72 ya nuna, 4000 ɗinsa na nan daram.

Sadiq:
Amma wallahi Malam na yi haka kuma ya fito tas.

Malam Idi:
Na yarda. Da ma can yana da isassun fiksel, ko ba ka taɓa lambar ba haka zai fito.

Hajiya Binta:
Bari in ba ku nawa, don ni ban ji da daɗi ba. Hoton mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, 'yar'uwata ta turo min ta WhatsApp, shi ma da sunan waya a ƙasa. Yarona ya yanke, muka kai aka wanke 8×10. Daga nesa ba laifi, amma da ka matso, idanun sun yi dishi-dishi, zanen mayafin ya cakuɗe. Muka ɗora laifin a kan yankan. Daga baya da yaron ya duba, ashe tun kafin a yanke hoton 1600 × 1200 ne, bayan yanka ya koma 1600 × 1100. 'Yar'uwar tawa ta sake turowa a matsayin `Document`, sai ga shi da cikakken girmansa, aka yanke wuri ɗaya aka sake wankewa, kamar ba shi ba.

Malam Idi:
Amin, Allah ya jiƙan Mama. Hajiya, lambobinki sun faɗi komai: 1100 a raba da 8 bai kai 140 ba. Ko ba a yanke ba 150 ne, wanda shi ma a bakin gaɓa yake. Da 4×6 kika wanke da wannan ƙaramin, da kin samu 266, kuma da ba ki ga aibu ba.

Umma Zee:
Ni dai tambayata, ba wata hanya da za a goge rubutun ba tare da an yanke ba? Na sauko da wani hoton furanni daga shafin masu sayar da hotuna, tambarinsu a kusurwa, ina so in sa a katin gayyata.

Yaya Tanko:
Umma, naki daban ne da na Alhaji. Shi sunan waya ne a kan hotonsa, ya yi yadda ya ga dama da abinsa. Naki kuwa mai hoton ne ya sa alamarsa don ba a saya ba tukuna, kuma yanke ta ko goge ta ba ya ba ki izinin amfani da shi. Ni mai ɗaukar hoto ne, na taɓa ganin aikina a jikin kalanda an datse ƙasan da sunana yake, har da ƙafafun mutanen da ke ciki. Bayan haka ma, samfurin da ake nunawa da tambari ƙarami ake yin sa da gangan. Duba lambobinsa, zai yi wuya dogon gefen ya wuce dubu ɗaya da 'yan kai. Katin 5×7 yana son 1500 × 2100. Ki saya, ko ki nemi wanda aka bayar kyauta da izini, za ki samu babba kuma babu tambari.

Umma Zee:
Na duba Yaya, 1000 × 667 ne. To na haƙura da shi.

Yaya Tanko:
In koma kan na Alhaji, akwai dabarar da nake yi. Ba na fara yanke tambari sannan in nemi takarda. Takardar nake fara zaɓa, in kulle siffarta a wurin yanka, misali `3:2` ko `5:4`, sannan in ja akwatin sama har tambarin ya faɗa waje. Sau da yawa sai ka tarar yankan kyauta ne. Hoton 4000 × 3000 idan za a wanke shi 4×6, dole tsawonsa ya sauko 2667, wato 333 za su tafi ko da tambari ko babu. In ka bar wa inji, rabi zai ci a sama rabi a ƙasa, tambarin ya fito guntu. In kai ka ja akwatin, sai duk asarar ta tafi ƙasa ta tafi da rubutun. Haka hoton tsaye na 3000 × 4000: cire 250 daga ƙasa ya koma 3000 × 3750, wanda shi ne siffar 8×10 cif, a 375.

Kuma a yanke ta ƙasa, kada a yanke ta gefe. Rubutun siriri ne a tsawo amma dogo a faɗi, in ka bi ta gefe kana iya zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na hoton.

Maman Hanif:
Nawa akasin naku ne. Tambarin bai wani girma ba, amma ya hau kan takalmin yarona a hoton kammala makaranta. In na yanke, yaro ya zama ba ƙafa daga idon sawu, abin ba kyan gani. Sai mai wankin ya ce gara a yanke sosai a mai da shi rabin jiki, daga ƙugu zuwa sama. Daga 3000 × 4000 muka dawo wajen 1900 × 2660. Ya ce 5×7 zai yi kyau, A4 kuma ba zai yi min alkawari ba. Na zaɓi 5×7, yana nan a falo.

Malam Idi:
Ya yi miki adalci, don 1900 a raba da 5 ya ba da 380. A4 ɗin ma da ya yiwu a ganina, gajeren gefenta inci 8.3 ne, kin ga wajen 230 kenan.

Yaya Tanko:
A nan ban bi ka ba, Malam. 230 na kyamara mai babban gilashi daban, 230 na waya daban. Waya tana shafe hatsi-hatsin hoto da kanta, musamman a ɗaki ko da yamma, sai fata ta fito kamar an shafa mata kakin zuma. Lamba tana nan, amma ainihin abin da ke ciki bai kai lambar ba. Ni hoton waya in bai kai 250 ba, ba na sa shi a abin da za a kalla kusa.

Malam Idi:
Hoton cikin ɗaki na yarda. Na rana tsaka kuwa na sha buga 200 ya fito lafiya. Abin da ke raba gardama shi ne gwaji: a saita hoton a girman da ake so, a ɗebo wurin fuska kawai a wanke a ƙaramar takarda, a riƙe a nisan da za a riƙa kallonsa.

Sadiq:
Wani abu da ya faru da abokina: ya zuƙo hoton a waya har tambarin ya fita daga allo, ya ɗauki hoton allon, ya kai wanki. Faɗin 1080 kawai ya samu, tunda girman allon kenan. Gara a yanke da `Crop` ɗin cikin waya a kan kwafi, a bar na asali.

Abban Khadija:
Na gode ƙwarai. Na kulle `5:4` kamar yadda Yaya Tanko ya ce, biyu sun shiga lafiya. Na ukun kawuna na can gefe, hannunsa na fita, don haka zan tambaya ko suna da takardar 8×12. Na A3 kuma zan fara gwada fuskar a ƙarama. Na kuma shiga `Settings` na kyamara na kashe `Watermark`. Saura abu ɗaya, Malam: firam ɗin ma ai yana rufe bakin hoto kaɗan, ko in bar ɗan sarari?

Malam Idi:
Bar shi. Wankin da ba shi da farin baki yana cin 'yan milimita a kowane gefe, firam kuma ya ƙara rufe nasa. A A3 ɗinka milimita 5 wajen fiksel 46 ne, don haka kada kan mutum ko yatsun ƙafa su matse da baki. Kuma 8×12 siffar 4×6 ce, duk faɗin 4000 zai shiga a 333, kawu zai fito da hannunsa.