Takardar maki mai faɗi: yadda za a fitar da ita PDF

A wata makaranta a Gusau, malamai sun tattauna kan takardar makin ɗalibai mai layuka 18 a tsaye, wadda ke tarwatsewa zuwa shafi shida idan an mai da ita PDF: sunaye a nan, jimilla can baya.

Shawarar da kowa ya amince da ita: a Excel, a shiga Page Layout, a kwantar da takarda da Landscape, sannan a sa Width ya zama "1 page", a bar Height a "Automatic". Nan ne aka fi yin kuskure. Wani malami ya zaɓi "Fit Sheet on One Page", sai sunaye 200 suka matse a shafi guda, rubutu kamar tururuwa.

Malama ɗaya ta ce a duba Scale tukuna, wato ma'aunin da ke nuna yadda aka rage girman rubutu. In ya faɗi ƙasa da kashi 60, karatu zai yi wuya. Gara a ɓoye layukan da ba a buƙata, ko a koma A3. Ni ma ra'ayina ke nan.

An kuma tuna da Print Titles, domin kanun layuka su maimaitu a kowane shafi.