Kun taɓa mayar da waƙarku ta Turanci zuwa Hausa?

Ɗan Kabi: Jama'a, ina neman gogewarku. Na rubuta wa mahaifiyata marsiyya da Turanci, kowane ɗango gaɓa 10. Ina so in rera wa ƙannenta a Argungu, su kuwa ba sa jin Turanci. Da na bi kalma da kalma, ɗangon farko ya zama "Kogi ya ɗauke muryar mahaifiyata ya tafi da ita". Ma'anar tana nan, amma ya ƙi reruwa.

Malam Na-Gwandu: Allah ya jiƙan ta. Ƙirga mana, gaɓa 18 ke nan, kuma "tafi da ita" gaɓoɓi biyar ne marasa nauyi a jere, murya ba ta da wurin sauka. Karin Turanci a kan danna gaɓa yake tafiya, namu kuwa a kan nauyinta. Ajiye takardar Turancin. Fara gunguna karin da ya dace da makoki, babu kalma ko ɗaya, kana taɓa cinya, sannan ka zuba magana a ciki. Ga gwaji a karin Mutaƙarab, wanda kowace ƙafarsa gaɓa sassauƙa ɗaya ce da masu nauyi biyu:

Ruwa ya wuce, Inna ba kya kira,
Dare ya yi nisa ina kan jira.

Gaɓa 11 kowanne, amsa-amon "ra" kuma yana barin baki a buɗe, ka ja shi yadda kake so.

Sani Gusau: Ni dai ƙamus mai kyau nake ba da shawara. Da shi na fassara wa ƙungiyarmu takardu.

Hajiya Ta-Mafara: Malam Sani, ba takarda ake magana ba. Amma Malam Na-Gwandu, ban gamsu duka ba. Kogin da ya ɗauke murya shi ne ran waƙar, yanzu ruwa daban, Inna daban. Tawa ta kewar gida ce, na rubuta ta ina karatu a waje. Dusar ƙanƙara na cire na sa hazon hunturu, wannan bai dame ni ba. Amma baitin da nake ce wa mahaifina "ina son ka", a gidanmu ba a faɗin haka. Na mai da shi addu'a, ƙanwata ta ji ta yi kuka, ni kuwa har yau ina jin wani abu ya ragu.

Ɗan Kabi: Malam, na rera, ya zauna daram. Sai dai mu "ruwa sun wuce" muke cewa, kuma "ba ki kira". "Ba kya" bakin Kano ne.

Malam Na-Gwandu: "Sun" mai nauyi ce, sa ta ba fargaba. "Ki" ce matsala, sassauƙa ce, ƙafar za ta ɗingisa sai ka ja ta wajen rerawa.

Ɗan Kabi: Zan ja ta. Inna ba ta taɓa jin na ce mata "kya" ba. Hajiya, maganar muryar fa, in kai ta baiti na biyu?